Kundin aikin lissafin giɓin dala: daga shagon Sabon Gari zuwa teburin 'yan canji

Wannan kundi ne na aikin da wasu malaman tattalin arziki da 'yan kasuwa a Zariya suke yi tare. Ana gina jadawalin lissafi mai sauƙi wanda zai nuna wa mai sarin kayan waje dalilin da naira ke faɗuwa idan abin da ƙasa ke saye a waje ya zarce abin da take sayarwa. Alƙaluman da ke cikin jadawalin na misali ne, mu muka zaɓe su don lissafi ya tafi daidai. Inda aka kawo shekara da abin da ya faru a ƙasa kuwa, tarihi ne.

Asabar, 11 ga Janairu 2025

Yau aka ja layi a tsakiyar takarda. Hannun dama na masu neman dala ne, hannun hagu na masu kawo ta. An tsayar da canji a kan naira 1,500 kowace dala, wato adadin da aka gina kasafin kuɗin tarayya na 2025 a kansa.

Tushen maganar duka shi ne masana'antar da ke Chaina ba ta karɓar naira. Ma'aikatanta da mai ba ta ƙarfe da mai karɓar harajinta duk ba su da abin yi da naira. Saboda haka duk wanda ya shigo da kaya, ko ya ga dalar da idonsa ko bai gani ba, ya sayar da naira ya sayi kuɗin waje. Wanda ya fitar da riɗi kuma dala ake biyansa, amma manomi da ɗan dako da mai mota naira suke so, dole ya sayar da dalarsa. Waɗannan biyun su ne suka haɗa kasuwar canji. Idan masu riƙe da naira suna neman dala miliyan 100 a wata, masu dala kuma miliyan 80 kawai suka kawo, to akwai miliyan 20 da babu ita. Masu nema za su shiga yi wa juna ƙari, kamar yadda ake yi wa buhun masara a kasuwar Giwa ranar da motoci suka yi yawa kaya suka yi kaɗan. Ƙarin nan shi ake kira faɗuwar naira.

An amince cewa ba za a yi amfani da kalmar "darajar naira" a jadawalin ba, sai dai "farashin dala". Kalmar daraja tana sa mutane su ɗauka martaba ce da gwamnati ke iya bayarwa da umarni.

Asabar, 18 ga Janairu

An bi sawun kwantena ɗaya ta kayan gyaran babur, tun daga oda har shago, don a ga wuraren da dala ke fita.

Mai kaya yana karɓar takardar farashi daga masana'anta, misali dala 40,000. Idan ta hanyar banki zai bi, sai ya buɗe Form M, wato takardar neman izinin shigo da kaya, bankinsa ya nemo masa dala, a tura wa masana'anta. Mafi yawan ƙananan 'yan kasuwarmu ba nan suke bi ba. Suna tura naira ga ɗan canji a Wapa ta Kano, shi kuma ya sa abokin hulɗarsa a Guangzhou ko Dubai ya biya. A wannan hanya ta biyu babu takardar dala ko ɗaya da ta bar Kano, shi ya sa wasu ke ganin ba su taɓa kasuwar canji ba. Sun taɓa. Ɗan canjin ya ci bashin abokinsa na can, kuma ba zai biya ba sai ya sayi dalar wani: ta mai fitar da zoɓo, ko ta ɗan Najeriya da ke aiki a waje yana aiko wa gida.

Bayan kuɗin kaya akwai dakon jirgin ruwa da inshora, an sa dala 4,000. Kamfanonin jiragen na waje ne, don haka wannan ma dala ce. Jimla 44,000, wato naira miliyan 66. Kuɗin fito na kwastam da naira ake biya, ba ya ƙara buƙatar dala, amma da farashin canji ake lissafa shi, don haka yana tashi duk lokacin da dala ta tashi.

Sai aka juya ɗaya hannun. Ƙaramar kwantena tana ɗaukar riɗi kimanin tan 19. Idan aka sa tan ɗaya dala 1,500, kwantenar ta kawo 28,500. Kenan sai an fitar da riɗi kwantena ɗaya da rabi, kusan tan 29, kafin a biya kwantena ɗaya ta kayan babur. Idan kadada tana ba da rabin tan, noman kadada wajen 58 ke nan. Wannan layin ya fi kowane shiga kunnen 'yan kasuwar da ke zaman, domin kowa ya san yawan kwantenonin da ake saukewa a Sabon Gari da Kantin Kwari, ya kuma san yawan abin da ke fita daga Dawanau.

Asabar, 1 ga Fabrairu

Jadawalin farko ya gamu da gyara babba. Wani daga cikin malaman ya kawo hujja mai ƙarfi: a yawancin shekaru alƙaluman hukumar ƙididdiga suna nuna Najeriya ta fitar da kaya fiye da yadda ta shigo da su, saboda ɗanyen mai, amma naira ba ta fasa faɗuwa ba. Idan ba a amsa wannan ba, aikin duka ya rushe.

Amsar ta kasu biyu. Na farko, ba kayan da ke cikin kwantena kaɗai ake shigowa da su ba. Kuɗin makarantar ɗalibi a Masar ko Birtaniya, jinya a Indiya, kujerar hajji da umara, tikitin jirgin sama na kamfanin waje, dakon jirgin ruwa: duk sayen aikin wata ƙasa ne da kuɗin waje, kuma babu wanda ke wucewa ta gaban jami'in kwastam. A wannan ɓangaren Najeriya giɓi take da shi kowace shekara. Akwai kuma kayan da ke shigowa ta ɓarauniyar hanya daga Maraɗi ko Kwatano. Ba sa cikin littafi, amma an biya su, kuma an sayar da naira kafin a biya.

Na biyu, ba duk dalar man da aka rubuta a littafin fitarwa ce ke zuwa kasuwa ba. Kamfanonin haƙar mai na waje suna da kasonsu da ribar da suke mayarwa gida. Wani man an riga an jinginar da shi kan bashi, kuɗinsa na tafiya wajen mai bin bashi kai tsaye. Shekaru da dama kuma ana musayar ɗanyen mai da tataccen fetur, ganga ta fita fetur ya shigo, ba a ga dala ba. Ga kuma biyan bashin waje na gwamnati.

Don haka aka sake rubuta kan layukan. Hannun dama ya koma "duk abin da sai an biya da kuɗin waje", hannun hagu ya koma "dalar da ta iso kasuwa da gaske". Sabon tsarin wata guda:

Nema: miliyan 100. Kawowa: mai miliyan 60, riɗi da citta da zoɓo da fatu da sauransu miliyan 10, aiken 'yan ƙasa mazauna waje miliyan 10. Giɓi miliyan 20.

A ganinmu wannan shi ne kuskuren da ya fi yawa a muhawarar rediyo. Ana karanta rarar ciniki a takarda, a ce babu dalilin faɗuwar naira sai makircin 'yan canji. Ɗan canji yana iya ɓoye dala na kwanaki ya ƙara wa wuta mai, wannan gaskiya ne, amma ba shi ya haƙa ramin ba.

Asabar, 8 ga Fabrairu

Giɓi ba ya zama a buɗe, domin ba a biyan masana'anta da dalar da babu. A ƙarshen wata dole abin da aka biya ya yi daidai da abin da aka samu. Tambayar ita ce wa ya cike. Ko dai Babban Banki ya ɗebo daga asusun ajiyarsa, ko wani na waje ya kawo dala bashi ko jari, ko farashi ya tashi har wasu masu nema su haƙura. An ƙara layi guda ga kowanne.

An ba Babban Bankin misali ajiyar miliyan 240. Idan yana cike miliyan 20 duk wata, canji zai tsaya cak a 1,500 har wata 12. A takarda ke nan. A kasuwa ba ya kai wa haka, domin ana wallafa adadin ajiyar kowa na gani. Da ta sauka rabi, mai odar watan gobe zai sayi dalarsa yau, mai fitar da riɗi kuma zai jinkirta dawo da tasa, yana jiran farashi ya tashi. Da aka ƙara wa nema miliyan 10, aka rage wa kawowa miliyan 5 daga wata na bakwai, giɓin ya koma 35, ragowar miliyan 120 ba ta kai wata huɗu ba.

Mun ga wannan da idonmu a ƙasar nan. A tsakiyar 2014 gangar mai ta haura dala 100, zuwa Janairun 2016 ta sauko wajen 30. Kuɗin shiga ya karye, amma buƙatar fetur da alkama da magani da kayan masana'antu tana nan. Babban Banki a ƙarƙashin Godwin Emefiele ya riƙe canji a wajen naira 197 zuwa 199. A Yunin 2015 ya hana kaya iri 41 samun dalar banki, ciki har da shinkafa da siminti da yadi da tsinken sakace. Ajiyar da ta haura dala biliyan 40 a farkon 2014 ta koma ƙasa da biliyan 25 a ƙarshe-ƙarshen 2016. A Yunin 2016 aka saki farashin, ya tsallaka zuwa wajen 280, a kasuwar bayan fage kuma ya haura 500 a Fabrairun 2017.

Hana kaya samun dalar banki bai kashe buƙatarsu ba, ya dai kora masu su zuwa Wapa da Zone 4 ta Abuja. Alamar da mai shago zai riƙa dubawa ke nan: tazarar da ke tsakanin farashin banki da na 'yan canji. Idan ta yi faɗi kuma ta daɗe, giɓin na nan, an dai rufe shi da tabarma. A farkon 2023 banki na wajen 460, bayan fage ya haura 700. Da aka haɗe kasuwannin a Yunin 2023, farashin banki ne ya tashi ya tarar da na titi, ba na titi ne ya sauko ba.

Asabar, 22 ga Fabrairu

Yau aka yi lissafin da ya fi cin lokaci: idan babu mai cike giɓin, nawa dala za ta tashi kafin nema da kawowa su daidaita?

Giɓin kashi 20 cikin 100 ne na abin da ake nema, don haka da yawa a zaman suka ce dala za ta tashi da kashi 20. Ba haka ba ne. Abin da ke yanke hukunci shi ne saurin da mutane ke janyewa daga kayan waje idan sun yi tsada, da saurin da masu fitarwa ke ƙara kaya. An ɗauki kowane tashin kashi 10 a matsayin taki ɗaya:

```
taki = gibi / (raguwar_nema + karuwar_kawowa)
sabon_canji = canji * (1 + taki * 0.10)
```

Gwajin farko an ce kowane taki yana rage nema da miliyan 3, yana ƙara dukan kayan fitarwa, miliyan 70, da kashi 2, wato miliyan 1.4. Raba 20 da 4.4 ya ba da taki 4.5. Dala ta tashi daga 1,500 zuwa kusan 2,180.

Nan take aka ga kuskure. An bar mai yana amsa faɗuwar naira, alhali ba ya amsawa. Da dala ake sayar da shi a kasuwar duniya, yawansa kuma ya dogara ga rijiyoyi da lafiyar bututu da kason OPEC. Ko naira ta koma 3,000, ganga ɗaya ba za ta ƙaru saboda haka ba. Aka cire mai, aka bar miliyan 10 na kayan gona suna ƙaruwa da kashi 5 a kowane taki, rabin miliyan ke nan. Raba 20 da 3.5 ya ba da taki 5.7, dala ta kai kusan 2,360. Giɓin kashi 20 ya haifi tashin kashi 57.

Gwaji na uku an canza abu ɗaya tak. An ɗauka ƙasa ce mai masana'antun da za su maye gurbin kayan waje, inda kowane taki ke rage nema da miliyan 8. Giɓin bai canza ba, amma dala ta tsaya wajen 1,850.

Bambancin 2,360 da 1,850 shi ne zuciyar aikin nan. Mai keke napep ba zai fasa sayen taya don ta yi tsada ba, sana'arsa ce. Mai gidan burodi ba shi da isasshiyar alkamar gida da zai koma gare ta. Mai ciwon suga ba zai rage allura ba. Da masaƙun Kakuri a Kaduna suna aiki kamar da, suna sayen audugar Funtuwa da Zariya, tsadar dala za ta tura mai sayen atamfa zuwa ta gida, buƙatar dala ta ragu da kanta. Yanzu babu inda zai koma, sai dai ya rage yawan abin da yake saye. Idan babu madadi, farashin yana ci gaba da hawa har sai aljihun mutane ya gaza, kuma ta wannan hanyar ce giɓin ke rufewa. Abin yana da ciwo, domin masu ƙaramin ƙarfi ne ke fara janyewa.

Ɓangaren fitarwa ma yana da jinkiri. Riɗi sai damina ta zagayo. Citta ta kudancin Kaduna tana ɗaukar watanni a ƙasa, kuma cutar da ta afka mata a 2023 ta nuna cewa farashi mai kyau ba ya amfani idan babu iri. Takin zamani da maganin feshi da man tarakta su ma suna bin dala, suna cinye wani ɓangare na ribar. Jadawalin bai ɗauki jinkirin nan ba tukuna.

Asabar, 15 ga Maris

Zaman ya yi gajarta saboda azumi. An duba abu ɗaya: me ya sa mai shago ke ƙara kuɗin tsohon kaya da zarar dala ta motsa.

A koma kan kwantenar naira miliyan 66. A ce da fito da sufuri zuwa Zariya ta tsaya miliyan 80, aka sayar miliyan 88 cikin wata uku, wasu ma bashi. Riba miliyan 8. Idan kafin nan dala ta koma 1,650, dala 44,000 ta zama miliyan 72.6, fito ma ya tashi, sabuwar kwantena ta kusa miliyan 88. Ribar ta tafi, kuma da tashin ya fi haka da uwar kuɗi ta taɓu.

Wani dattijo mai shagon kayan babur ya ce, "Malam, wannan ba sai an koya mana ba, mun sha shi. Abin da nake so ka sa a takardarka shi ne, ranar da na sayar, ranar nake mayar da kuɗin dala, ko da odata sai bayan wata biyu."

Aka ce, "Alhaji, wannan layin ne ya ɓace mana."

An ƙara shi a hannun nema da sunan "sayen kariya". Ga mutum ɗaya dabara ce mai kyau. Idan dubban 'yan kasuwa suka yi ta a mako guda, buƙatar wata biyu ta taru a kan dalar wata ɗaya, abin da suke tsoro ya zo da wuri. Yana daga cikin abin da ya sa a Fabrairun 2024 farashin bayan fage ya haura 1,800, sannan ya sauko sosai a watan Afrilu ba tare da ciniki ya canza haka cikin makonni ba.

Asabar, 12 ga Afrilu

Kasuwa ta ba mu gwaji kyauta. Bayan sabbin harajin fito da Amurka ta sanar a farkon watan nan, gangar mai ta faɗo ƙasa da dala 65, alhali kasafin bana a kan 75 aka gina shi. An sa wannan a jadawali: miliyan 60 na mai ya koma 52, giɓi ya zama 28, lissafin ya ce dala ta tashi da kashi 80. A zahiri daga wajen 1,530 ta je wajen 1,600.

Tazarar ta yi yawa, kuma ta nuna inda jadawalin ke da rauni. Ya fara da giɓin miliyan 20 da muka ƙirƙira, alhali bayan faɗuwar 2023 da 2024 shigo da kaya ya riga ya ragu, asusun hulɗar ƙasar da waje ya nuna rara a 2024. Ya kuma manta cewa idan ɗanyen mai ya yi araha, fetur ɗin da ake shigowa da shi ma yana araha, don haka hannun nema na raguwa tare da hannun kawowa. Matatar Ɗangote da ta fara ba da fetur a Satumbar 2024 ta rage wannan layin, sai dai dole a lura: gangar da aka tace a gida ganga ce da ba a fitar ba, ribar ita ce kuɗin tacewa da dako, ba kuɗin fetur ɗin duka ba. Sannan Babban Banki ya sayar da dala a makon, daga ajiyar da ta kai wajen biliyan 40 a ƙarshen bara.

Layin da ya fi buƙatar aiki shi ne na jarin waje. Amurka tana shigo da kaya fiye da yadda take fitarwa kowace shekara tun tsakiyar shekarun 1970, dala ba ta rushe ba, domin da kuɗinta take biya, kuma waɗanda suka karɓa suna mayar da su su sayi takardun bashinta da hannun jarin kamfanoninta. Giɓinta yana da mai cikewa na dindindin. Shi ya sa a kan takardar aka rubuta cewa kuɗin ƙasa mai giɓi "yakan raunana", ba "dole ya raunana" ba. Namu mai cikewar wani iri ne. Tun da aka kai kuɗin ruwan Babban Banki kashi 27.5 a Nuwambar 2024, masu jarin waje suna kawo dala su sayi takardun lamuni na 'yan watanni. Ranar shigowarsu suna hannun hagu. Ranar da wa'adi ya cika suna komawa hannun dama da uwar kuɗi da ruwa, kuma sun fi gudu a daidai lokacin da mai ya faɗi.

An yanke a raba layin gida biyu: jarin da ke gina masana'anta, wanda ba ya ɗaukuwa cikin dare, da jarin takarda, wanda za a rubuta ranar fitarsa tun ranar shigarsa. Za a kuma mayar da jadawalin na wata 12 a jere maimakon wata ɗaya, a sa kayan gona su fara amsawa bayan kaka. Masu shagunan kayan babur uku sun ɗauki nauyin kawo littattafan sarinsu na 2023 da 2024, ba tare da suna ba, don a auna da gaske yawan katon ɗin da suka rage a duk lokacin da dala ta tashi, a maye gurbin miliyan 3 ɗin da muka sa da ka. Zama na gaba ranar 26 ga wata, bayan la'asar.